Zancen kasuwa: garanti a rubuce

Yawancin rigimar cinikin tsohuwar wayar salula daga kalma guda take tasowa: "akwai garanti". Mai saye ya ɗauka ko me ya sami wayar za a maida masa kuɗinsa, mai saidawa kuwa kwana biyu yake nufi.

A ce ɗan kasuwa a Maraɗi zai yi tallar waya a kan sefa 45.000. Ga abin da ya kamata ya rubuta:

"Tsohuwa ce, akwai ƙarzuwa a bayanta. Garanti kwana 7 daga ranar ciniki. In ta daina ɗaukar caji ko ta mutu da kanta, za mu gyara. In gyara ya faskara, mu musanya ko mu maida kuɗi. Ban da wadda ta faɗi, ko ta sha ruwa, ko wani mai gyara ya buɗe."

Aibin da aka faɗa tun farko ba ya zama hujjar maido kaya, kuma yana sa a yarda da sauran zancen. Wa'adi da togaciya su ne garkuwar mai saidawa.

Saura shaida. A danna *#06# gaban mai saye, lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito, a rubuta ta a takardar ciniki, kowa ya riƙe tasa. In ba haka ba, wani na iya kawo matacciyar waya irinta ya ce ita ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.