VPN babu makulli, yaudarar kai ce

Jama'a, tun da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021 muka saba da VPN, amma me ke faruwa idan ta yanke? Nan Cheberu sabis yakan sauka daga 4G zuwa E. VPN ta katse, wayarka kuma ta ci gaba da tura komai kai tsaye ta layinka, ba ka sani ba.

A ganina makullin Android ya fi na cikin manhaja. Waya mai ƙaramin RAM takan kashe manhajar da kanta, makullinta ya tafi tare da ita.

Daga Android 8 zuwa sama, shiga Settings, nemo VPN, taɓa alamar saiti kusa da sunan manhajarka. Kunna Always-on VPN, sannan Block connections without VPN.

Gwada shi: danna Disconnect cikin manhajar, ka buɗe wani shafi. In ya buɗe, makullin bai kama ba.

Amma fa ka sani, ranar da VPN ta ƙi hawa, har WhatsApp zai tsaya cak. Kafin ka ce waya ta lalace, duba wannan saitin tukuna.