Wasiƙar Neman Ciniki Ga Wanda Bai San Ka Ba

A ce wani tela ne a Unguwar Daji cikin birnin Minna, yana da kekunan ɗinki huɗu da yara masu taya shi aiki. Kowace safiya yakan ga 'yan wata makarantar firamare mai zaman kanta da ke wajen Bosso suna wucewa, kuma ya tabbata zai iya ɗinka musu kayan makaranta. Matsalarsa ɗaya ce, watau Hajiya mai makarantar ba ta san shi ba, ba shi kuma da wanda zai shige masa gaba. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta mata saƙo. Idan saƙon ya karɓu, shagonsa ya sami aikin wata guda cur a lokacin da ɗinkin salla ya wuce. Idan kuwa ya ɓata mata rai, ƙofar ta rufe ke nan, watakila har da ta sauran makarantu, domin masu makarantu suna haɗuwa suna kuma hira.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedkwatarta, sa'an nan aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, garin ya cika da ofisoshi da makarantu da baƙi daga ko'ina. A irin wannan gari ba kowane ciniki ne sanayya take ƙullawa ba. To amma mutanen da ake rubuta wa sun gaji da saƙonnin da ba su nema ba. Gajiyar ta kai har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lamba 2442 a 2016, domin mai waya ya toshe tallace-tallacen da ake cusa masa. Ga kuma tsoron 'yan damfara. Saboda haka saƙo daga baƙuwar lamba yakan isa ne a matsayin abin tuhuma, kuma layi biyu na farko su ne za su wanke shi ko su kashe shi.

Yawancin masu sana'a a nan suke faɗuwa. Sai su buɗe da gaisuwa mai yawa, su tambayi iyali da gajiya da sanyi, su zuba kirarin cewa babu kamarsu a duk jihar, su rufe da roƙon a taimaka musu saboda Allah. Gaisuwa ladabi ce, amma doguwarta ta wanda aka sani ce. Roƙon kuwa shi ya fi ɓarna, don yana mai da ciniki bara. Mai makaranta za ta iya ba mabaraci sadaka, amma ba za ta danƙa masa kuɗin yadin yara ɗari uku ba.

Ga yadda saƙon telan ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ni tela ne a Unguwar Daji, ina ɗinkin kayan 'yan makaranta. Na lura shuɗin rigunan ɗalibanki yakan ɗan bambanta, kamar kowane gida ne yake sayo nasa yadin. Nakan sayo yadi gaba ɗaya daga Kantin Kwari, launi ya zo daidai. In kin yarda, zan ɗinka riga da wando guda kyauta in ajiye wajen mai gadi ranar Litinin, ki duba a lokacin da kika samu. In kuwa kina da telanki, babu komai. Na gode."

A ƙarƙashi sai ya sa cikakken sunansa da kwatancen shagonsa, yadda duk mai shakka zai iya aika yaro ya gano.

Jimla ta uku ita ce ran saƙon. Ita ce shaidar cewa wannan makaranta aka rubuta wa, ba takarda ɗaya aka raba wa makarantu hamsin ba. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne a sana'ance: yadi ko da sunansa ɗaya ne, in ba rini ɗaya aka yi masa ba, launinsa ba ya zuwa daidai, bayan wanki biyu ko uku sai bambancin ya fito fili. Sai dai a dubi yadda ya faɗe ta. Bai ce kayan ɗalibanta ba su da kyau ba. Ya ce "ɗan bambanta", sa'an nan ya ɗora dalilin a kan yadda ake sayen yadi, ba a kan sakacinta ba. Tsakanin lura da cin fuska tazarar kaɗan ce, kuma wanda ya buɗe magana da nuna wa babba aibinsa, ko da gaskiya gare shi, ba ya samun amsa.

Abin da ya nema ma ƙarami ne. Bai nemi kwangila ba, bai nemi ta ware masa awa guda a ofis ba, bai ma ambaci farashi ba, domin farashi kafin a ga aiki dalilin ƙi ne kawai. Izini ya nema na ajiye riga guda, abin da za ta iya amsawa da kalma ɗaya, "to". Jimlar ƙarshe kuwa, wadda wasu za su ɗauka rauni ce, ita ce ta cire naci daga cikin saƙon. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a'a kai tsaye, shi ya sa sukan zaɓi yin shiru. Wanda aka buɗe wa hanyar ƙi tun farko ya fi sakin jiki ya amsa.

Lokacin aikawa yana da lissafi. In shagon yana gama kaya goma sha biyu a rana, kayan yara 300 za su ci kwanakin aiki 25, ban da zuwa Kano sayen yadi da ɗaukar awo. Ana komawa sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, awo kuma sai yara suna nan kafin dogon hutu. Ashe ke nan watan Yuni ne lokacin saƙon. Wanda ya bari sai Agusta, ko an riga an ba wani, ko kuma ya karɓi abin da ba zai iya cikawa ba. Ya aika da hantsi a ranar aiki, kada ya aika da dare. Kuma da yake Minna gari ne na Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, ya kyautu ya tambayi mai gadi tukuna wace ce mai makarantar, da yadda ake kiranta, da harshen da ta fi so. "Hajiya" ga wadda ba Hajiya ba ya isa ya ɓata komai.

Saura batun shiru, wanda shi ne amsar da aka fi samu. Idan mako ya cika ba a ji komai ba, yana da damar tuni sau ɗaya, layi biyu: yana tunatar da ita maganar rigar gwaji, in ba bukata ba zai sake damunta ba. Daga nan sai ya cika alkawari. Kiran waya a jere, da saƙon murya na minti biyar, da turo hotuna ashirin, da tsayuwa a bakin ƙofa ana jiran fitowarta, duka suna rushe abin da saƙon farko ya gina. In tunin ma bai sami amsa ba, ya rubuta sunan makarantar a littafinsa, ya sa mata watan Yuni na baɗi.