Kada a Fara da Kilo

Koci da yawa na fara wa yara da kilon badminton, bugun da ke saukar da kwallon gashi ƙasa da ƙarfi, wai don fili ya yi kaɗan ga doguwar ɗagawa zuwa bayan abokin karawa. Ban yarda ba. Tsawon fili mita 13.4 ne, faɗinsa 6.1, a raba shi biyu ta tsawo, yara huɗu sun samu wuri, kuma tsawon da ɗagawa ke bukata bai ragu ba. A fara da jifa: yaro ya ba raga gefensa, ya wurga kwallon da hannu sama da nisa. Sannan a rataye ta da zare daidai inda raket ɗinsa zai kai in ya miƙe hannu sosai, ya yi ta bugu. Wanda ya riƙe raket kamar ludayi, yana fuskantar raga gaba-gaɗi, nan take za a gane shi, domin ɗagawarsa a tsakar fili take mutuwa. Sai ɗagawar yaro ta riƙa sauka tsakanin layukan baya biyu kafin a zo kan kilo, wanda lilon hannunsa ɗaya ne da na ɗagawa, illa ana tarar kwallon a ɗan gaban jiki, fuskar raket na kallon ƙasa. Shi kuma daga kusa da raga za a fara, ana ja baya taki-taki.