Hoton Da Tela Ba Zai Iya Ɗinkawa Ba, Ba Tsarin Sutura Ba Ne

A makarantun sakandare da dama, idan bikin ƙarshen zango ya ƙarato kuma aka ce za a yi wasan kwaikwayo, akan samu ɗalibi ko malamin kwamfuta da zai ɗauki hotunan 'yan wasa ya liƙa musu tufafin sarakai a waya. Hotunan sukan yi kyau, su zaga guruf ɗin malamai, kowa ya yaba. Ranar wasa kuma sai a ga yara a kan dandamali da kayan da ba su yi kama da hoton ba ko kaɗan. Wannan ya sa wasu malamai ke ganin aikin duk ɓata lokaci ne, gara a aro kayan sallar iyaye a wuce wurin.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, amma laifin ba na dabarar ba ne. Laifin na yadda ake yin ta ne. Hoton sutura yana da amfani idan ya amsa tambayoyin da ke cin kuɗi: wane yadi, yadi nawa, wane launi, kuma shin mai zaune a bayan zaure zai gane wane ne wane. Hoton da bai amsa waɗannan ba fasta ce kawai.

A ɗauka wata makaranta za ta nuna labarin Sarauniya Amina ta Zazzau. Akwai Amina, akwai fadawa, akwai mayaƙa takwas. Aikin yana farawa ne tun wajen ɗaukar hoto, kuma nan ne akasari ake lalata shi. Wanda ya tsaya kusa da yaro ya ɗaga waya daidai fuskarsa zai samu hoto mai babban kai da gajerun ƙafafu, duk rigar da aka zana a kai kuwa tsawonta ƙarya ne. Abin da ya dace shi ne yaron ya tsaya jikin bango marar ado, mai ɗauka ya ja baya kamar mita uku, ya riƙe wayar a miƙe daidai tsayin cibiyar yaron. A jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a gefensa, a layi ɗaya da ƙafafunsa, domin ita ce ma'aunin komai daga baya. Kowane ɗan wasa ya tsaya a alama guda da aka yi da alli a ƙasa.

Sai abu na biyu da mutane ke mamakin jinsa: yaron ya sa farar jallabiya mai yalwa, ko a yafa masa farin zanen gado kamar yadda ake son rigar ta zauna. Dalilin yana cikin yadda manhajar take aiki. A GIMP, wadda kyauta ce a kwamfuta, ko Photopea da ke buɗewa a burauza, ana ɗora hoton yadi a matsayin shimfiɗa ta biyu a kan hoton yaron, a mayar da yanayinta zuwa Multiply. Wannan yanayi yana barin fari ya ɗauki launin yadin gaba ɗaya, inuwa kuma ta ci gaba da zama inuwa, don haka lanƙwasa da tattarar farin ƙyallen suna fitowa ta cikin sabon launin. Amma Multiply duhu kawai yake ƙarawa, ba ya haskakawa. Idan yaron yana sanye da yunifom mai ruwan bula, duk yadin da aka ɗora zai fito da datti, fari kuwa ba zai fito ba sam. Sauran aikin shi ne a yi Add Layer Mask a goge yadin daga fuska da hannaye da bango.

Daga ina hoton yadin zai fito? Nan ne ra'ayin wannan shafi ya fi tsauri. Bai kamata a ciro rigar wani ɗan fim daga intanet a manna wa yaro ba. Rigar da aka ciro ta zo da jikin mai ita, da hasken da aka ɗauke ta, kuma ba wanda ya san ko akwai irin yadinta a garin. A je kasuwa, Kantin Kwari ce ko wadda ke kusa, a roƙi mai shago ya shimfiɗa yadin, a ajiye rula a kai, a ɗauka a hasken rana. Rular tana hana kuskuren da ya fi yawa, wato zanen yadi ya fito ƙanana a hoto alhali a zahiri kowane fure ya kai tafin hannu. Duk abin da ya shiga hoton ya zama abin da hannu ya taɓa, an kuma ji farashinsa.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne ribar aikin. A rage ko a ƙara girman hoton da Scale Image har sandar mita ɗaya ta zama fiksel 1,000 daidai. Daga nan fiksel goma santimita ɗaya ne, yaro mai tsayin santimita 160 zai cika fiksel 1,600. Idan aka zana wa mayaƙi taguwa marar hannu daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa, aka auna da Measure aka samu fiksel 900, tsawonta santimita 90 ke nan. Gaba da baya 180, a ƙara 10 na kalmasa da ɗinki, ya zama 190. Mayaƙa takwas za su ci mita 15.2, kuma tunda yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, abin da za a saya yadi 17 ne, muddin faɗin yadin ya rufe ƙirjin yaro. Da malamin wasa zai ce shi ya fi son taguwar ta sauka har idon sawu, santimita 120, kowane yaro zai ci 250, jimla mita 20, kusan yadi 22. Bambancin yadi biyar ne, kuma ana iya ajiye hotunan biyu a gaban shugaban makaranta ya zaɓa tun almakashi bai taɓa komai ba. Wannan lissafi ba ya maye gurbin awon tela. Tef ɗinsa ne zai faɗi faɗin ƙirji da ƙugu, domin hoto ta gaba ba ya nuna kaurin jiki. Amma yana hana a sayo rabin abin da ake bukata, a koma kasuwa a tarar launin ya ƙare.

Akwai gwajin da ya fi duk wani ado muhimmanci, kuma minti ɗaya yake ci. Mai zaune mita 20 daga dandamali yana ganin yaro mai santimita 160 kamar hoto mai tsayin santimita huɗu da aka riƙe rabin mita daga ido. To a jera dukan 'yan wasan a shafi guda, a kan hoton ainihin labulen ko bangon dandamalin, a ƙanƙance su zuwa wannan girma. Abin da ke faruwa yakan ba mutane haushi. Aikin aska takwas da aka ɓata awa biyu ana gyarawa a ƙirjin bafade ya ɓace, ya koma ɗigo. Abin da ya rage shi ne siffar jiki da manyan launuka: faɗin babbar riga, tudun rawani, tsinin mashi. Idan a wannan girma ba a bambance Amina da mayaƙanta, kuɗin aikin wuya ba zai cece ta ba. Mayafi mai launin da ba wanda ya sa irinsa, ko kwalkwali mai tsayi, shi zai yi. A kuma cire launi gaba ɗaya da Desaturate a sake dubawa. Ja mai duhu da kore mai duhu sukan koma toka iri ɗaya, alamar cewa a zaure mai ƙarancin haske za su haɗe.

Batun haske yana da wani tarko. Fuskar waya ita ke fitar da haskenta, yadi kuwa jiran haske yake. Rinin shuni irin na marinar Ƙofar Mata yana sheƙi a waya, amma a ƙarƙashin ƙwan lantarki biyu baƙi ne ƙirin. Maganin shi ne a kai ƙyallen samfur cikin zauren a lokacin da za a yi wasan, a duba da ido.

Sauƙin manna kaya yana kuma jawo kuskuren tarihi. Masana da yawa suna sanya zamanin Amina a ƙarni na 16, atamfar kamfani kuwa ba ta bazu a Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19. Amina cikin atamfa da ɗaurin ɗankwalin biki abin dariya ne, komai kyan hoton. Saƙi da rini sun fi kusa da gaskiya, ko yadi marar zane da ya yi kama da su daga nesa. Mayaƙa cikin lifidi da sulke ba laifi ba ne, domin tarihin Kano ya danganta shigowarsu da Sarki Kanajeji, tun kafin ƙarni na 16. Rawani ma ba ado ba ne kawai. A Kano, mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, kuma idan aka ɗora wa maroƙi shi, akwai dattijo a cikin iyaye da zai lura. Ziyarar gidan tarihi kamar Gidan Makama ta fi awanni ana laluben intanet.

Abin da hoto ba zai taɓa nunawa ba shi ne motsi. Ba ya faɗin ko Amina za ta iya ɗaga takobi ba tare da mayafi ya zame ba, ko yaro zai jure lifidin soso a zafin watan Afrilu, ko ɗan wasan da ke fitowa sau biyu zai iya sauya kaya cikin minti uku. Saboda haka a ɗinka guda ɗaya tak na kowane iri, a yi atisaye da shi, sannan a yanka sauran.

Sai maganar hotunan kansu, domin na 'ya'yan mutane ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi a samu amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yara, kuma ko babu doka, uban da ya ga hoton 'yarsa da aka sauya wa kaya yana yawo a WhatsApp ba zai tsaya jin bayanin wasan kwaikwayo ba. A nemi izini a rubuce, malama ta ɗauki na 'yan mata, a yi aikin a kwamfutar makaranta, a goge bayan wasa. Wanda za a tura wa tela a rufe fuskar, tela ba ya bukatarta. Kuma a bar jikin yaro yadda yake. Wanda ya rage wa yarinya ƙiba ko ya haska mata fata don ta "dace" da sarauniya ya ɓata awon da aka sha wahalar ɗauka, ya kuma gaya mata abin da bai kamata ta ji daga makarantarta ba.

Takardar da za ta isa hannun tela ta ƙunshi hoton, da tsawon kowace riga a rubuce da inci tunda da shi yawancin teloli ke awo, da ƙyallen yadin an maƙala da fil a gefe. Idan ta waya za a aika, a tura a matsayin Document, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi har ƙananan lambobin su dushe.