Me Ya Sa Banki Ke Tambayar Asalin Kuɗi?

A ce ɗan kasuwar hatsi ya sayar da kayansa a Dawanau, ya nufi banki da naira miliyan 12 a jaka. Kafin a gama ƙirga su, ma'aikaciya ta ce: "Alhaji, daga ina kuɗin nan suka fito?" Ransa zai ɓaci, domin a al'ada ba a tambayar mutum sirrin aljihunsa. Amma tambayar tana bisa ƙa'ida, kuma amsa ta ya fi kauce mata aminci.

Dalilin yana cikin yanayin tsabar kuɗi. Kuɗin da aka tura daga asusu zuwa asusu suna barin sawu, takardar naira kuwa ba ta faɗin hannun da ta fito. Kuɗin masara da kuɗin fansa kamarsu ɗaya a kan kanta. Da zarar sun shiga asusu sun sami rigar halal, saboda haka ƙofar banki ce wurin da ya fi dacewa a yi tambaya.

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankunan Najeriya sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani. Wannan rahoto ba tuhuma ba ne. Abin da banki ke dubawa shi ne ko kuɗin sun yi daidai da sana'ar da mai asusu ya bayyana. Miliyan 12 daga ɗan kasuwar hatsi a lokacin kaka ba abin mamaki ba ne; daga asusun ɗalibi kuwa suna bukatar bayani.

Kuskure mafi hatsari shi ne dabarar rarrabawa. Idan Alhaji ya kasa kuɗin kashi uku, miliyan huɗu-huɗu, ya zuba su cikin kwana uku don gudun tambaya, ya faɗa abin da dokar ta hana. Irin wannan zubi yana iya jawo rahoton zargi, wanda aka haramta wa banki sanar da shi cewa an aika. Gudun gara ya kai shi gidan zago.

Duk da haka, masu ƙorafi suna da hujja. Yawancin cinikin hatsi da dabbobi da baki ake ƙulla shi, a gaban dillali, ba rasit. Bankin da ya nace sai takardar kamfani yana korar mai gaskiya ne ya koma ajiya a gida. Kamata ya yi ya auna littafin ciniki, da shaidar ƙungiyar 'yan kasuwa, da tarihin asusun. Shi kuma ɗan kasuwa ya riƙa rubuta ranar ciniki, yawan buhuna, farashi da sunan mai saye, ya tafi banki da littafin tare da kuɗin.