Sefa Ba a Tsaye Take Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin ƴan kasuwar Damagaram, tun daga rumfunan Kasuwar Dole har zuwa masu canji na Matamaye da Magarya, cewa sefa kuɗi ce mai tsayuwa, naira ce kaɗai ke hawa da sauka, saboda haka abin da manyan bankunan duniya ke yankewa game da kuɗin ruwa, ko alƙaluman da Amurka ke fitarwa kan samun aikin yi, zancen rediyo ne da bai shafi mai shigo da shinkafa ko kayan gyaran babur a Zinder ba. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure ne mai cin dukiya, domin wanda ya yarda da ita yana yin asara ba tare da ya san ta inda ta shigo masa ba, sai ya ɗora laifin a kan ma'aikacin banki ko a kan mai canji.

Tushen kuskuren gaskiya ce da aka faɗi rabinta. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 an ƙulla sefa da yuro a kan farashi ɗaya, wato yuro guda a kan sefa 655.957, kuma wannan adadi bai taɓa sauyawa ba. Amma yuro kanta ba a ƙulla ta da komai ba, ana cinikinta dare da rana a kasuwar canji ta duniya, inda farashinta ke sauyawa a kowace daƙiƙa. Matsayin sefa tamkar na raƙumin da aka ɗaure a bayan ɗan'uwansa ne a cikin ayari: tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, amma duk inda na gaba ya nufa, na baya ma can zai je. A kasuwar canji ana auna kuɗi bibbiyu ne, ɗaya da ɗaya, abin da za a iya kira tagwayen kuɗi, kuma tagwayen da aka fi ciniki a duniya su ne yuro da dalar Amurka, waɗanda ake rubutawa EUR/USD a kan allo. Idan allo ya nuna 1.08, ma'anarsa yuro ɗaya na sayen dala ɗaya da santi takwas. Wanda ke son sanin farashin dala da sefa sai ya raba 655.957 da wannan adadi, ya samu kusan sefa 607. Ashe ke nan duk motsin da adadin allon ya yi, farashin dala a Zinder ya motsa tare da shi, ko da babu wanda ya yanke shawarar haka a Yamai ko a hedikwatar babban bankin BCEAO da ke Dakar.

Ranar Juma'a 2 ga Agustan 2024 ta ishi mai shakka hujja. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka takan fitar da rahoton ayyukan yi sau ɗaya a wata, galibi ranar Juma'ar farko, da ƙarfe takwas da rabi na safe agogon New York, wanda ya yi daidai da ƙarfe ɗaya da rabi na rana agogon Nijar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ko biyu da rabi a sauran watanni, wato lokacin da hankalin mutanen Zinder ke kan sallar Juma'a. A wannan rana masana sun yi hasashen cewa an samar da sababbin ayyuka kimanin 175,000 a watan Yuli, sai rahoton ya nuna 114,000 kawai, rashin aikin yi kuma ya hau zuwa kashi 4.3 cikin ɗari. Nan take dala ta fara faɗuwa, yuro da ta wayi gari a wajen 1.079 ta kwana a wajen 1.091. Idan aka yi lissafin da ya gabata, dalar da ke kusan sefa 608 da safe ta koma kusan 601 da dare. Ɗan kasuwar da zai biya dala 50,000 na kayan da ya yi oda daga Dubai ko Guwanzu, bambancin sefa bakwai a kowace dala ya kai jika 350 a gare shi, riba idan bai riga ya biya ba, asara idan shi ne ke riƙe da dalar.

Dalilin da ya sa ƙididdigar ma'aikata a wata ƙasa mai nisa ke girgiza kuɗi haka ba ɓoyayye ba ne. Manyan masu zuba jari suna ajiye dukiyarsu ne a kuɗin da ya fi ba su ruwa, babban bankin Amurka kuwa doka ta ɗora masa kula da abu biyu, hauhawar farashi da samun aikin yi. Idan ayyuka suka yi ƙaranci, kasuwa takan fahimci cewa bankin zai rage kuɗin ruwa domin ya farfaɗo da harkoki, ajiyar dala za ta rage armashi, saboda haka kowa ke rige-rigen sayar da ita tun kafin a rage ɗin. Abin lura a nan shi ne, girman adadin ba shi ke motsa farashi ba, tazarar da ke tsakaninsa da abin da aka zata ita ce ke motsa shi, domin abin da aka zata an riga an saka shi cikin farashi tun kwanaki kafin sanarwar. Da 114,000 aka yi hasashe, da rahoton ya fito ya wuce ba tare da wani ya waiwaya ba. Saurin kuwa ya samo asali ne daga na'urorin manyan bankuna, waɗanda ke karanta adadin su kwatanta shi da hasashe su aika umarnin saye ko sayarwa kafin ɗan Adam ya gama karanta layin farko.

Masu riƙe da ra'ayin tsayuwar sefa suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Sukan ce motsin kashi ɗaya cikin ɗari ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da ya sami naira ranar 14 ga Yunin 2023, lokacin da babban bankin Najeriya ya sake ta, farashin dala a hukumance ya tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 600 a yini ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce halin kuɗin biyu ɗaya ne. Sai dai ƙananan motsin nan ba sa share juna, sukan taru su bi hanya ɗaya na tsawon watanni. A farkon 2021 yuro tana wajen 1.23, wato dala tana kusan sefa 533. A Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, ya ci gaba da ƙarawa zama bayan zama, alhali takwaransa na Turai bai motsa ba sai a watan Yuli, ga kuma tsadar makamashi da yaƙin Yukiren ya jawo wa Turai. Kafin ƙarshen Satumban wannan shekara yuro ta sauka zuwa wajen 0.96, dala ta haura sefa 680. Kuɗin da ya rasa fiye da kashi ashirin cikin ɗari na darajarsa a gaban dala cikin ƙasa da shekara biyu bai cancanci a kira shi mai tsayuwa ba, musamman a ƙasar da ke sayen shinkafa da babura da wayoyi daga Asiya da dala.

Hatta cinikin kan iyaka, wanda ake ganin babu ruwansa da Turai, bai tsira ba, domin farashin jika da naira yana bin ta kan dala ne. A ƙaddara dala tana naira 1,500 kuma ba ta motsa ba: idan tana sefa 608, jika ɗaya ta kama naira 2,467, idan ta koma 601 sai jikar ta zama naira 2,496. Mai kai shanu Maigatari da mai saro kaya a Kantin Kwari duk wannan lissafi ya hau kansu. Gaskiya ne cewa sauyin ba ya isa teburin mai canji cikin mintuna, domin shi yana duba yawan takardun da ke hannunsa, da ranar kasuwa, da halin da iyaka ke ciki, kuma bankuna ma sukan sabunta farashinsu ne kullum, su ɗora ladansu a kai. Amma jinkirin isowar labari bai hana shi isowa ba, illa dai yana ba wanda ya riga ji damar cin wanda bai ji ba, kamar yadda babban mai canjin da ke duba wayarsa yakan gyara farashinsa tun ƙaramin yana sayarwa a kan na jiya.

A nan ne kuma ya wajaba a ja kunnen matasan da suka fahimci wannan duka, suka faɗa kishiyar kuskuren, suna zaton wanda ya san lokacin sanarwa ya san inda farashi zai nufa. Ranar 10 ga Maris 2016 babban bankin Turai ya rage kuɗin ruwa ya kuma faɗaɗa sayen takardun bashi, yuro ta faɗi zuwa wajen 1.08 kamar yadda ƙa'ida ta nuna. Da shugaban bankin na lokacin, Mario Draghi, ya shaida wa ƴan jarida cewa ba ya ganin za a buƙaci ƙarin ragi, sai ta juya ta haura zuwa wajen 1.12 a yammacin ranar, wato dala ta sauko daga kusan sefa 607 zuwa 586. Wanda ya karanta sanarwar daidai, ya sayar da yuro, shi ne ya yi asara. Ga mai ciniki ta manhajar waya da kuɗin aro na dillali, inda dala ɗari ke riƙe cinikin dala dubu goma, motsin kashi ɗaya cikin ɗari kaɗai ya isa ya cinye jarinsa ƙurmus. A daƙiƙun farko na sanarwa kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa takan buɗe ninki-ninki, farashi ya yi tsalle ya ƙetare iyakar asarar da mutum ya ajiye, a rufe masa cinikin a wuri mafi muni.

Amfanin wannan sani ga ɗan kasuwar Damagaram ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka tabbas. Ranakun sanarwar ba sirri ba ne, ana wallafa su tun farkon shekara: babban bankin Amurka yana zama sau takwas, sanarwarsa na fitowa galibi ranar Laraba da ƙarfe bakwai ko takwas na dare agogon Nijar, na Turai ma sau takwas, ranar Alhamis jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya ko biyu na rana. Wanda ke da babban biya a gabansa yana iya raba shi kashi biyu ko uku maimakon ya jingina dukkansa ga farashin rana ɗaya, yana iya neman a rubuta masa takardar kaya da yuro idan mai sayarwa ya yarda, domin a nan ne kaɗai ƙullin 655.957 ke kare shi da gaske. Wanda kuma ya karɓi kaya bashi da dala zai sayar da sefa bayan wata uku, wajibi ne ya rubuta farashin canjin ranar da ya karɓa, ya bar wa kansa rata a cikin ribarsa, ya kuma tambayi bankinsa, kafin ya sa hannu, ko da farashin ranar ba da umarni za a caje shi ko da na ranar da kuɗin suka fita.