Jari uku da ɗaya, aiki ɗaya da biyar: yaya za a raba ribar?

A ɗauka ma'aikacin gwamnati ne da amininsa suka haɗa hannu a kiwon kajin nama. Ma'aikacin ya zuba naira miliyan 3, aminin ya zuba miliyan 1. Ma'aikacin ba ya samun zuwa gona sai ranar Asabar, sauran kwana biyar na aiki aminin ne ke tsaye a kan kaji, daga auna abinci har cinikin dillalai. Bayan wata shida an sayar da kaji na naira 5,200,000. An kashe 3,400,000 a 'yan tsaki da abinci da magani, an kashe 600,000 a haya da mai da kuɗin mota da yaron gona. Abin da ya rage a matsayin riba shi ne 1,200,000, kuma a nan ne zumunci kan fara tsami.

Idan jari kaɗai aka duba, ma'aikacin zai ɗauki 900,000, aminin ya tashi da 300,000, ladan wata shida na shaƙar warin kashin kaji ke nan. Idan kwanakin aiki aka duba sai abin ya juye, aminin ya kwashi miliyan ɗaya, wanda ya kawo kashi uku cikin huɗu na kuɗin ya samu 200,000. Raba daidai, 600,000 kowa, shi ne mafakar masu jin nauyin juna, kuma shi ne hukuncin da dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda dokokin Najeriya suka gaji tsarinta, ta tanada idan babu wata yarjejeniya: riba daidai wa daida, babu albashi ga abokin tarayya. Duk rabon nan uku aibinsu ɗaya ne. Ana so a auna abu biyu da mudu ɗaya, alhali kuɗi da gumi kowanne farashinsa daban.

Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a fara yi wa aikin kuɗi, a cire shi cikin kuɗin da aka kashe kamar yadda aka cire kuɗin abincin kaji, sannan a raba abin da ya saura gwargwadon jari. Ma'aunin kuwa ba darajar mutum ba ce ko digirinsa. Tambayar ita ce, da bare aka ɗauko ya kula da gonar, nawa za a biya shi? A ce 60,000 ne a wata na kwana shida a mako, wato 360,000 a wata shida. Aminin ya yi kashi biyar cikin shida na aikin, ladansa 300,000. Ma'aikacin ya yi kashi ɗaya, nasa 60,000. Saura 840,000, ita ce ribar jari zalla, a raba ta uku da ɗaya: 630,000 da 210,000. A ƙarshe ma'aikacin na da 690,000, aminin na da 510,000. Kowannensu zai iya nuna inda kowace naira ta fito, kuma wannan shi ne babban amfanin tsarin.

Sai dai ba a gane ingancin yarjejeniya a shekarar albarka. A ce ciwo ya shiga kaji, ko farashin masara ya tashi, aka tashi da rarar 200,000 kacal. Idan ladan aiki bashi ne a kan gonar, dole a biya 360,000 ɗin, sai rarar ta koma asarar 160,000. Ma'aikacin zai ɗauki 120,000 daga cikinta, aminin 40,000. In aka haɗa da lada, aminin ya tsira da 260,000, ma'aikacin kuwa jarinsa ya ragu da 60,000. Da a ce tun farko kaso suka yanka, 57.5 da 42.5 cikin ɗari, wanda shi ne daidai da rabon shekarar albarka, da ma'aikacin ya samu 115,000, aminin 85,000. Tsari biyu ke nan masu ba da amsa ɗaya idan kasuwa ta yi kyau, amma suna rabuwa da nisa idan ta ɓaci. Abin da ake yankewa a zahiri shi ne wanda zai ɗauki kasada: mai kuɗi shi kaɗai, ko har da mai gumi.

Za a iya cewa tsayayyen lada yana kashe himma, tunda mai kula da gona zai karɓi nasa ko kaji sun mutu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ta fi ƙarfi idan jarin mai aikin ƙanƙane ne ƙwarai. A wannan misali kuwa aminin yana da miliyan guda a ciki, duk asarar naira huɗu ɗaya tasa ce, ga kuma iyali da ke cin abinci kullum ba sa jiran wata shida. Mutumin da aka bari ba lada shi ne wanda yakan fara ɗan taɓa kuɗin ciniki da niyyar zai mayar. Lada matsakaici wanda aka faɗa a fili ya fi wannan araha.

Ga Musulmi akwai wani sharaɗi da bai kamata a tsallake ba. Malamai sun haɗu a kan cewa asara jari take bi, ba a yi mata wani kaso daban. A riba ne suka saɓa. Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin ita ma jari take bi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ƙara da cewa aikin ma ya kasance gwargwadon rabon kowa. Hanafiyya da Hanbaliyya sun halatta a ƙara wa mai aiki kaso bisa yarjejeniya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a yanka wa ɗaya wani adadin kuɗi tsayayye daga riba a cikin ƙullin tarayyar. Shi ya sa ma'aunan hukumar AAOIFI, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, suka buɗe ƙofar a ɗauki abokin tarayya aiki da wani ƙulli na daban, wanda za a iya warwarewa ba tare da an rushe tarayyar ba. Takarda biyu ke nan, ɗaya ta jari, ɗaya ta aiki, kuma a kai su gaban malami masanin mu'amala kafin a sa hannu.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa 1,200,000 ɗin riba ce ta gaskiya, kuma sau da yawa ba ita ba ce. Idan aminin ya taɓa sayen abincin kaji na 90,000 daga aljihunsa, bashi ne a kan gonar, a mayar masa kafin a kira komai riba; idan ba a yi haka ba, ya biya shi kaɗai abin da kashi uku cikin huɗunsa na abokinsa ne. Kaji ashirin da ma'aikacin ya kwasa don sunan ɗansa ciniki ne, a rubuta su da farashin kasuwa a cire daga kasonsa. Kuɗin da ke hannun dillali bai zama riba ba sai ya shigo, buhunan abincin da suka rage a sito kuwa dukiyar gona ce da za a ƙiyasta. Alamar cewa lissafi ya karkace ba ta da wuyar gani: idan aka raba riba, sannan aka zo zuba sababbin 'yan tsaki aka tarar kuɗin da ke hannu bai kai miliyan 4 ba, to jari aka raba.